Takalmin zuwa intabiyu: oksfod, darbi ko lofa, kuma wane launi?

Tambaya: Na gama bautar ƙasa, an kira ni intabiyu a wani banki nan da mako biyu. Kwat ɗaya gare ni, shuɗiya mai duhu, kuma kuɗin hannuna na takalmi guda ne kawai. Na leƙa kasuwa ana ta ce mini wannan oksfod ne, wancan darbi, ga lofa, ni kuwa duk sau-ciki nake gani. Wanne zan saya, baƙi ko ruwan ƙasa? Ina so in ci gaba da sa shi a ofis idan Allah Ya sa an dace, har da ranar Juma'a da kaftani.

Amsa: Allah Ya ba da sa'a, ƙanena. Sayi baƙin takalmi mai igiya, na fata ta gaske, wanda ba shi da ado ko kaɗan, ko kuma adonsa bai wuce layin ɗinki guda a kan yatsu ba. Tsakanin oksfod da darbi kuwa, ƙafarka ce za ta yanke hukunci, ba mai shago ba, kuma zan nuna maka yadda za ka gane. Lofa ka bar shi sai albashi ya fara shigowa.

Bambancin oksfod da darbi a wuri ɗaya yake, kuma ko yatsa biyu wurin bai kai ba. Ɗauki takalmin ka dubi ɓangarorin fata biyu masu hujojin da igiya ke bi, na dama da na hagu. Bi su da ido zuwa ƙasa, inda igiyar ta ƙare ta wajen yatsu. A oksfod, ƙarshen ɓangarorin nan biyu ya nutse ƙarƙashin fatar gaban takalmin, an ɗinke su a can, don haka ko ka zare igiyar gaba ɗaya ba za su buɗe daga ƙasa ba, sai dai su ɗan rabu daga sama. A darbi kuwa an ɗora su ne a kan fatar gaban, an ɗinke su ta gefe, ƙarshensu a sake yake. Sa yatsa ka ɗaga, za ka ga sun tashi, harshen takalmin ya fito fili har gindinsa. Shi ke nan. Tsinin gaba, ƙyalli, tsada, ƙasar da aka yi shi, babu wanda ke mai da takalmi oksfod a cikinsu. Ina jaddada wannan ne saboda a kasuwa, har ma a shafukan sayar da kaya inda za ka ga an rubuta Oxford da manyan baƙaƙe, kusan kowane takalmi mai igiya ana liƙa masa wannan suna. Kai dai ka duba gindin igiya.

Wannan ɗan ɗinki shi ya sa ake ɗaukar oksfod a matsayin wanda ya fi dacewa da kwat. Da yake fuskarsa a rufe take, babu wata fata da ta taso, ido na gangarowa daga karin wando zuwa kan yatsu ba tare da ya ci karo da komai ba. A al'adar sa kwat ta Ingila, inda waɗannan ƙa'idoji suka samo asali, oksfod takalmin birni ne, na lauya da ma'aikacin banki, darbi kuwa ya fi kusa da takalmin fita karkara da yawo. Amma kada wannan ya tsorata ka. Masu yi maka tambayoyi suna zaune ne a bayan tebur, ƙafarka za su gani lokacin da ka shigo da lokacin da za ka fita. Abin da idonsu zai kama shi ne launi, tsabta, da yadda kake takawa. Baƙin darbi siriri mara ado, wanda aka goge da kyau, ba zai rage maka komai ba. Oksfod ɗin da ya matse ka har kana ɗingishi shi ne zai rage maka.

To ga inda maganar take da nauyi. Tunda oksfod ba ya buɗewa daga ƙasa, ba shi da sassauci ga doron ƙafa. Wanda doron ƙafarsa ke da tudu, ko ƙafarsa ke da faɗi, da wuya oksfod na kanti ya zauna masa daidai, kuma irin wannan ƙafa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mu da muka tashi cikin silifa da fade, yatsunmu suka baje yadda suke so. Ga gwajin da zan so ka yi a shago. Sa safar da za ka je intabiyun da ita, ka zura takalmin, ka ɗaure igiyar daidai yadda za ka iya wuni da ita, sannan ka miƙe tsaye ka dubi tazarar da ta rage tsakanin ɓangarorin biyu daga sama. A sabon oksfod, abin da ake so shi ne 'yar tazara wadda ba ta wuce santimita 1 ba, wato ba ta kai faɗin ɗan yatsanka ba, domin fata za ta ɗan saki nan gaba, tazarar ta ragu. Idan ɓangarorin sun haɗe ruf tun a shago, takalmin ya yi maka zurfi, bayan wata biyu ba za ka sami abin ja ba, ƙafarka ta riƙa iyo a ciki. Idan kuwa sun wage har yatsunka biyu za su kwanta a tsakani, harshen ya bulluƙo, kana jin igiyar na danna jijiyar doron ƙafarka, to wannan ƙirar ba taka ba ce.

A nan ne mutane suka fi yin asara. Mu ɗauka lambarka 42 ce. Ka sa oksfod 42, tsawon ya yi daidai, amma doron ya matse, tazarar ta kai santimita 2 da wani abu. Mai shago zai miƙo maka 43, ka sa, ka ji sakayau a sama, ka biya. Sai ka fita ka ga dunduniyarka na ficewa a kowane taku, gaban takalmin kuma ya fara karyewa a inda bai kamata ba, saboda wurin da ƙafarka ke lanƙwasawa bai zo daidai da wurin da takalmin ke lanƙwasawa ba. Ka magance matsalar tudu da ƙarin tsawo, alhali tsawon lafiyarsa lau. Abin da ya kamata shi ne ka tsaya a 42 ɗinka ka ce a ba ka darbi. Ɓangarorinsa za su buɗe su ba doron ƙafarka wuri, kuma tazara a darbi ba aibi ba ce, haka aka ƙera shi.

Sauran awon ba shi da wuya. Gaban babban yatsanka ya kasance da sarari kamar santimita 1 zuwa 1.5. Mafi faɗin ƙafarka, wato gindin yatsu, ya zauna a mafi faɗin takalmin. Ka je kasuwa da la'asar, domin ƙafa na ɗan kumbura bayan an wuni ana tafiya, kuma ka gwada ƙafa biyun duka, don yawancin mutane ɗaya ta ɗara ɗaya. Lambar da aka buga a ciki kada ka ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari: 8 ta Ingila tana kusa da 42 ta Turai, 9 kuma kusa da 43, ta Amurka ta ɗan ɗara ta Ingila, amma kowane kamfani da irin ƙirarsa. Kuma idan aka ce maka "zai buɗe", ka sani fata tana ɗan buɗewa ta faɗi, ba ta taɓa ƙara tsawo.

Game da ado, ƙa'idar gajeriya ce: gwargwadon yawan huji da zane, gwargwadon nisan takalmin daga ɗakin intabiyu. Mai layin ɗinki guda da ya ratsa kan yatsu shi ne na ofis tun asali, kuma wannan layin yana da amfani, yana sa karyewar fata ta tsaya a bayansa. Mai gaba sumul shi ma ya yi. Wanda aka yi wa ƙananan hujoji jere a gefuna da zane mai kama da fiffike a gaba, shi ake kira burog, kyakkyawan takalmi ne amma na ranakun da ba a tsananta ba. Ka guji mai dogon tsini da ke ɗagewa sama, da mai gaba murabba'i, da mai ƙyalli kamar gilashi, wanda na liyafar dare ne da angwanci.

Lofa kuwa ba shi da igiya sam, zura ƙafa kawai ake yi. Iri uku za ka fi gani. Akwai mai ɗamarar fata a kan doro da 'yar tsaga a tsakiya, wanda kamfanin G.H. Bass na Amurka ya shahara da shi tun 1936. Akwai mai tuntu biyu da ke lilo a gaba. Akwai kuma mai ƙarfe irin na linzamin doki, wanda Gucci na Italiya ya fito da shi a 1953, kuma kwaikwayonsa ya cika kasuwanninmu. Dalilin da ya sa ban ba ka shawararsa yanzu ba kashi biyu ne. Na farko, asalinsa takalmin shaƙatawa ne, bakinsa a buɗe yake, yana nuna safa da yawa, don haka yana sassauta kwat, alhali a intabiyun banki ana son a ga ka ɗaure tsaf. A kamfanin sadarwa, ko ƙungiyar agaji, ko makaranta, baƙin lofa mai ɗamara zai wuce ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, amma banki da ofishin lauyoyi sun fi riƙo da tsohuwar al'ada. Na biyu, lofa ba shi da abin gyara. Mai igiya idan ya saki sai ka ƙara ja, shi kuwa lofa idan ya saki ya tafi ke nan, sai dai ka riƙa kama shi da yatsu kana tafiya. Shi ya sa ake sayensa ya ɗan kama ƙafa tun farko, kuma mai sayen takalmin ofis karo na farko ya fi saurin kuskure a wannan awon.

Amma in gaya maka gaskiya, da kaftani lofa ya fi duka biyun kyau, nesa ba kusa ba. Wandon kaftani ba shi da nauyin wandon kwat, yadin na da laushi, takalmi mai igiya mai kauri sai ya yi masa nauyi a ƙasa. A cikin masu igiyar, darbi mara ado ya fi oksfod shiga da kaftani, musamman idan yadin mai duhu ne kuma wandon ya sauko ya rufe igiyar. Da farar shadda da babbar riga kuwa, ka sa takalmin gargajiyarka ko haf-kaba ɗin da kake da shi, ba wanda ya ce dole sabon takalmin ya yi aikin Juma'a tun makon farko.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu wanda ƙa'idojin Ingila ba su lissafa da shi ba. Ma'aikaci a nan zai cire takalmi ya mayar don alwala da sallar Azahar da La'asar, wani lokaci har Magariba. Oksfod yana buƙatar a sassauta igiya sosai kafin ƙafa ta fita, mai gaggawa kuwa sai ya tura ƙafa da ƙarfi, ya take bayan takalmin. A bayan nan akwai wani abu mai tauri da aka saka tsakanin fata da shafi don ya riƙe dunduniya, idan ya karye ba ya komawa, takalmin ya riƙa zamewa har ƙarshen rayuwarsa. Darbi ya fi sauƙin cirewa da mayarwa, kuma wannan ma dalili ne mai ƙarfi na zaɓensa ga mai takalmi guda. Ko wanne ka saya, ka nemi cokalin sa takalmi, ka ajiye silifa a ƙarƙashin tebur don zuwa alwala, ka kuma tsane ƙafa sosai kafin ka mai da safa, domin danshi ne ke ruɓar da shafin ciki ya kawo wari.

Yanzu launi. Shuɗiyar kwat mai duhu tana karɓar launi uku: baƙi, ruwan ƙasa mai duhu sosai, da ruwan hanta. Masu son gayu za su ce maka ruwan ƙasa mai duhu ya fi fito da shuɗi, kuma ban musa ba, ni ma ina ganin ya fi daɗin kallo. Amma kai takalmi guda za ka saya, don haka tambayar ita ce wanne ne ba zai taɓa ba ka kunya ba. Baƙi yana tafiya da shuɗi mai duhu, da ruwan toka kowane iri, da baƙar kwat. Ruwan ƙasa kuwa ba ya shiga da baƙin wando ko kaɗan, kuma da ruwan toka mai duhu sosai sai an yi dace. Kwat ta biyu da za ka ɗinka, in Allah Ya yarda, da wuya ta wuce ruwan toka ko baƙa, ga kuma baƙin wando da farar riga da sababbin ma'aikata ke yawan sawa. Baƙin takalmi zai ɗauke su duka. Inda baƙi ke kasawa shi ne da wando ruwan ƙasa, ko kaki, ko ruwan madara, nan ruwan ƙasa ne sarki, shi ya sa shi ne sayayya ta biyu.

Abin da zan hana ka kai tsaye shi ne ruwan zuma mai haske a ƙarƙashin kwat mai duhu. Ya yi tashe ƙwarai a wajen biki, amma a ɗakin intabiyu yana janye ido daga fuskarka zuwa ƙasa. Ka riƙe wannan: takalmin ofis ya kasance ya kai wando duhu ko ya fi shi.

Bel ya bi takalmi, baƙi da baƙi, na fata, siriri kamar santimita 3, da ƙaramin kai mara tambari. Idan agogonka mai madaurin fata ne ruwan ƙasa, ba wani babban laifi ba ne, hannun riga zai rufe shi. Safa kuwa wando take bi, don haka ka nemi shuɗiya mai duhu, in ba ka samu ba baƙa ta wadatar. Tsawonta ya fi launinta muhimmanci: ta kai tsakiyar ƙwauri, domin da ka zauna wando zai ɗage, kuma fatar ƙafa tsakanin safa da wando na daga cikin abubuwan da ake hangowa daga ɗaya gefen ɗaki. Farar safa ta wasanni ko gajeriya mai tsayawa a idon sawu, bar su a gida. Ka kuma sa takalmin ka je wurin tela ya duba tsawon wandon, bakinsa ya taɓa saman takalmin da 'yar lanƙwasa guda, kada ya taru a kai, kada kuma ya rataye a sama.

Sai ingancin abin da za ka saya, don a nan ne kuɗi ke ɓacewa. Da yawa daga cikin takalman da ke sheƙi a kanti ba fata ba ne, leda ce aka shimfiɗa a kan yadi. Irin wannan yakan yi kyau wata kaɗan, sannan ya fara ɓarewa daga inda yake lanƙwasawa, zafinmu da bushewar hunturu kuma suna gaggauta masa, kuma babu man da ke gyara shi. Danna gaban takalmin da babban yatsa: fata ta gaske tana yin ƙananan tamoji masu laushi, su baje idan ka saki, leda kuwa takan lotsa ne kawai ko ta yi layi guda mai kaifi. Dubi bakin harshen inda aka yanke, fata za ta nuna zare-zaren nama, leda za ta nuna yadi ko soso. Sansana shi ma, warin jima daban yake da warin roba. Leƙa ciki ka tabbata shafin ma fata ne, domin shi ke shan gumi.

Idan kuɗin bai kai sabo na fata ba, gwanjo mai kyau ya fi sabuwar leda, kuma a wurare irin su kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ana dacewa. Sai dai ka duba abu uku: kada fatar ta tsage a wurin lanƙwasa, kada bayan dunduniya ya karye, kuma ka murɗa tafin ka gani ko ya bushe yana shirin rabewa. Dunduniyar da ta cinye ta gefe ba matsala ba ce, mai gyaran takalmi zai canza ta. Masu ɗinkin takalmi na gida ma, a Kano ko Aba, akwai ƙwararru da za su auna ƙafarka su yi maka, wanda hakan ke raba mai tudun ƙafa da wahala, amma mako biyu ya yi kaɗan a yi caca da alkawarin mai sana'a. Ta wajen tafi, na fata ya fi kyan gani, sai dai sabonsa na santsi a kan tayil, kuma yana shan ruwa da damina. Siririn tafin roba baƙi, wanda ba ya fitowa ta gefe, shi ya fi dacewa da mai hawa Keke Napep ko taka ƙasa kafin ya isa ofis. Mai kauri irin na but ɗin soja kuwa ba na kwat ba ne.

Ka saya a cikin kwana biyu ko uku masu zuwa, kada ka bari sai ana gobe. Sabuwar fata na da tauri, tana bukatar ta san ƙafarka. Riƙa sa shi a gida awa ɗaya ko biyu kullum da safar, kana ƙara lokaci a hankali. Inda ka ji yana cizo, yawanci bayan dunduniya ko kan ƙaramin yatsa, liƙa filasta a ƙafar tun kafin ta yi bororo. Idan tafin fata ne, taka shi a kan siminti mai kaushi ya ɗan karce don ya daina santsi.

Daren intabiyu ka goge ƙura da burushi tukuna, domin shafa mai a kan ƙura yana cusa ta ne cikin fata. Shafa baƙin mai kaɗan da tsumma, ka bar shi minti 10 ya sha, ka buge da burushi, ka ƙarasa da tsumma mai laushi. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri. Kada ka manta da gefen tafi da dunduniya, nan ne jar ƙasa ke maƙalewa. Man ruwa mai soso a baki, wanda ke ba da ƙyalli nan take, yana taruwa a kan fata ya bushe ya tsattsage, ka bar shi. Idan igiyar da ta zo da takalmin mai faɗi ce irin ta kambas, canza ta da siririya zagayayya, mai tsawon santimita 75 na isar takalmi mai huji biyar-biyar. Da safe ka sa ɗan tsumma a jakar takardunka, kafin ka shiga harabar bankin ka tsaya ka share ƙurar hanya.